Maki, Giredi da Darajar Digiri: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye Suka Fi Yi Mini

Na yi shekaru ina riƙe da aikin jami'in jarrabawa a wani sashe na jami'a, kuma ko bayan na sauka daga kujerar, tambayoyin ba su daina bina ba. A masallacin unguwarmu a nan Katsina, wajen ɗaurin aure, har a cikin motar haya ta Daura, da zarar an san abin da na taɓa yi sai a zaro waya a nuna mini sakamako. "Malam, duba mini wannan, yaron nan ya ci ko bai ci ba?" Yawancin rikicin daga wuri ɗaya yake tasowa: mutane suna kallon makin da aka samu cikin ɗari, alhali dokar jarrabawa tana jefar da wannan makin tun a matakin farko, ta riƙe harafi, ta auna harafin da nauyin kwas. Ga tambayoyin yadda suke zuwa mini.

A ina ake samun waɗannan dokokin, kuma yaya aka jera su?

Suna cikin littafin jagorar ɗalibi da ake bayarwa lokacin rajistar farko, wanda galibi yake ƙarewa a ƙasan akwati ba a buɗe shi ba. Majalisar malaman jami'a, wadda ake kira sanet, ita ce take amincewa da su, bisa mafi ƙarancin ƙa'idar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta shimfiɗa. Kwalejojin fasaha kuwa hukumar NBTE da ke Kaduna ce take tsara musu, kwalejojin ilimi kuma NCCE.

Idan ka buɗe sashen jarrabawa, kusan ko'ina jerin iri ɗaya ne. Da farko sharaɗin shiga jarrabawa, wato rajista da halartar aji, wanda a mafi yawan wurare kashi 75 cikin ɗari ne. Sai rabon maki tsakanin aikin cikin zango da jarrabawar ƙarshe: tes da asamen sukan ɗauki 30 ko 40, jarrabawa ta ɗauki 70 ko 60. Sai jadawalin giredi, sai yadda ake lissafin GPA da CGPA, sai hukuncin wanda ya gaza, daga ƙarshe jadawalin darajar digiri. Mutane da yawa wannan jadawali na ƙarshe kawai suke dubawa, ga shi kuwa ba ya da ma'ana sai an fahimci na gabansa.

Maki nawa ne A, nawa ne F?

A ma'aunin foyin biyar da yawancin jami'o'in Najeriya suke amfani da shi, rabon haka yake:

- 70 zuwa 100: A, foyin 5
- 60 zuwa 69: B, foyin 4
- 50 zuwa 59: C, foyin 3
- 45 zuwa 49: D, foyin 2
- 40 zuwa 44: E, foyin 1
- 0 zuwa 39: F, foyin 0

Lura da cewa matakan ba faɗinsu ɗaya ba. A tana da fili har maki 31, B da C goma-goma, D da E kuwa biyar-biyar kacal. Saboda haka wanda yake yawo tsakanin 40 da 50, maki kaɗan suna iya ɗaga shi hawa biyu, amma wanda ya riga ya kai 70, duk abin da ya ƙara a kai na jin daɗin zuciya ne. Mai 70 da mai 98 foyin biyar-biyar za su tashi da shi. Mai 69 da mai 70 kuwa, maki ɗaya ne tsakaninsu a takarda, foyin guda cur a lissafi.

Mene ne yunit, kuma yaya ake fitar da GPA?

Yunit shi ne nauyin kwas. A ƙa'ida, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako tsawon zango, don haka kwas mai yunit 3 awa uku yake ci a mako, kuma nauyinsa a sakamako ya ninka na mai yunit 1 sau uku. Ana ɗaukar foyin ɗin harafin da ka samu a ninka da yunit ɗin kwas, a haɗa na duk kwasa-kwasan, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista.

Bari mu ɗauki zangon farko na wata ɗalibar kimiyya a aji ɗaya. Misali ne na tsara, amma irinsa na gani ba adadi:

- Lissafi, yunit 3, maki 68: B, 4 sau 3, ya ba da 12
- Fizis, yunit 3, maki 52: C, 3 sau 3, ya ba da 9
- Kemistiri, yunit 3, maki 38: F, ya ba da 0
- Bayoloji, yunit 3, maki 71: A, 5 sau 3, ya ba da 15
- Turanci, yunit 2, maki 60: B, 4 sau 2, ya ba da 8
- Kwamfuta, yunit 2, maki 46: D, 2 sau 2, ya ba da 4
- Aikin ɗakin gwaji, yunit 1, maki 80: A, 5 sau 1, ya ba da 5

Yunit ɗinta 17 ne gaba ɗaya, foyin kuma 53.

```
GPA = 53 / 17 = 3.12
```

Abin da ya fi faranta mata rai a wannan takarda shi ne 80 ɗin nan, shi za ta fara faɗa wa mahaifiyarta a waya. Amma foyin 5 kawai ya kawo mata, bai ko kai abin da C ɗin Fizis ta kawo ba. Da maki goman da suka haura 70 a ɗakin gwaji za su tsinku a raba, biyu su je Lissafi su mai da 68 ta zama 70, biyu su je Kemistiri su mai da 38 ta zama 40, da ta sami ƙarin foyin 6, GPA ɗinta ya tashi daga 3.12 zuwa 3.47, kuma babu kari-oba, wato kwas ɗin da za ta maimaita, a kanta. Maki huɗu ke nan, da sauran shida a hannu. Shi ya sa nake ce wa ɗalibi, kafin ya raba lokacin karatunsa ya fara duba yunit, ya kuma duba kwas ɗin da makinsa na tes ya ajiye shi a bakin iyaka.

Kuma a lura, yunit ukun Kemistirin da ta faɗi suna cikin 17 ɗin da aka raba da su. Ba a cire kwas daga lissafi don an faɗi shi.

To mene ne bambancin GPA da CGPA?

GPA na zango ɗaya ne. CGPA kuwa tarin duka ne tun daga ranar da ka shiga: duk foyin da ka taɓa samu, a raba da duk yunit da ka taɓa yi wa rajista. Idan ɗalibar nan ta ɗauki yunit 18 a zango na biyu ta sami foyin 72, GPA ɗinta na zangon 4.00 ne, CGPA kuma 125 a raba da 35, wato 3.57.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa GPA na zanguna a raba da yawansu. Idan yunit ɗin zangunan sun yi kusa da juna, amsar takan zo kusa da daidai, sai mutum ya ɗauka hanyar ke nan. Ranar da yunit suka bambanta sosai ake gane ba haka ba ne. Wani ɗalibi ya taɓa shigowa ofishina yana murmushi: ya dawo ƙarin zango don kwas ɗaya mai yunit 3, ya ci A, GPA ya nuna 5.00. Kafin nan yana da 3.40. Ya haɗa biyun ya raba, ya ga 4.20, har ya sanar a gida. Na jawo takarda muka yi tare. Yana da foyin 442 a kan yunit 130, an ƙara 15 a kan 3, ya zama 457 a kan 133, wato 3.44. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "Malam, wato duk wahalar nan ɗigo huɗu ta ƙara mani?" Na ce masa ba don ta ɗaga shi ya yi ta ba, don ta buɗe masa ƙofar fita ne.

Makin ci 40 ne, ko 45, ko 50? Kowa da abin da yake faɗa.

Duk ukun gaskiya ne, ya danganta da inda kake da kuma shekarar da ka shiga.

Tsarin da aka daɗe a kansa 40 ne, wato E. Daga baya an yi wani lokaci da aka soke E da digirin fas a jami'o'i da yawa, makin ci ya koma 45, duk abin da ya gaza haka ya zama F. An kuma gwada ma'aunin foyin huɗu na ɗan lokaci, kafin NUC ta ce a koma ma'aunin biyar a 2018. Jami'o'i ba rana ɗaya suka bi waɗannan sauye-sauye ba, shi ya sa za ka ga wa da ƙane sun yi jami'a ɗaya, sashe ɗaya, amma 42 ta wuce da wan, ta kayar da ƙanen. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A al'ada ɗalibi yana ƙarewa ne a kan tsarin da ya shiga da shi, sai dai idan sanet ta fito fili ta ce sabon ya hau kan kowa. Don haka littafin shekarar shigarka shi ne naka, ba na abokinka da ya riga ka da shekara biyu ba.

Hamsin kuwa na wasu fannoni ne. Karatun likitanci, da zarar an shiga ajujuwan sana'ar, 50 ne makin ci, kuma haka yake a karatun gaba da digirin farko a yawancin jami'o'i. Akwai ma tsangayoyin da ba jimilla kaɗai suke dubawa ba: sai ka ci ɓangaren aikin hannu ko na asibiti shi kaɗai, komai yawan makinka a rubutu.

Iyaye kuma sukan kawo ma'aunin WAEC nan, inda kiredit yake farawa daga C6. Wancan tsari ne na sakandare, ba ruwansa da wannan.

Na faɗi kwas, na maimaita na ci A. F ɗin ta goge?

A mafi yawan jami'o'inmu ba ta gogewa. Zama biyun duk suna shiga lissafi: na farko yunit 3 da foyin 0, na biyu yunit 3 da foyin 15. Kwas ɗin ya ci maka yunit 6 ya ba ka foyin 15, wato biyu da rabi a kowane yunit. Wanda ya sami C tun zaman farko ya wuce abinsa yana da uku a kowane yunit. Ashe A ta kari-oba ba ta kai C ta farko ba.

Ga kuma wahala ta biyu wadda ba ta fitowa a lissafi nan take. Akwai iyakar yunit da za ka ɗauka a zango, galibi daga 15 zuwa 24, kuma doka takan ce kari-oba ake fara yi wa rajista kafin sababbin kwasa-kwasai. Idan sun taru, su za su cinye gurbin, sababbin su koma baɗi. Wani kwas ɗin kuma sharaɗi ne na shiga na gabansa, idan ba ka ci na aji ɗaya ba ba za a bar ka ka ɗauki na aji biyu ba. Ta nan ƙarin shekara yake shigowa tun mutum yana aji biyu, bai sani ba sai ya kai aji huɗu.

Akwai makarantun da suke maye tsohon giredi da sabo, ko su ba da damar sake zama kafin sabuwar shekara, musamman a likitanci. Idan haka ne a wurinku, za ka gan shi a rubuce ƙarara. Idan ba ka gani ba, ka ɗauka biyun ake ƙirgawa.

An ce da in sami E gara in faɗi in maimaita. Gaskiya ne?

Wannan magana tana yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai kowace shekara, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Dalilin masu faɗarta shi ne E ba ta maimaituwa, tunda an ci kwas ɗin, foyin ɗaya ya zauna har abada, F kuwa tana ba ka wata dama.

Mu gwada da lissafi. A ce sauran kwasa-kwasanka duka sun ba ka foyin 410 a kan yunit 117, saura wannan mai yunit 3. Idan ka karɓi E, kana da 413 a kan 120, wato 3.44. Idan ka faɗi ka maimaita ka ci A, 425 a kan 123, wato 3.46. Idan B ka samu a maimaicin, 3.43. Idan C ce, 3.41. Wato ribar ɗigo biyu ce, ita ma sai ka ci A a kwas ɗin da a bara da ƙyar ka kai 40. Duk abin da ya gaza A hasara ce, ga F a transkirif ɗinka kowa yana gani, ga zaman aji da ƙannenka, ga yiwuwar karon lokacin lacca da wani kwas. Ban taɓa ba wa kowa wannan shawara ba.

Yaya aka raba darajojin digiri?

Da CGPA na ƙarshe, a ma'aunin biyar:

- 4.50 zuwa 5.00: daraja ta ɗaya, fes kilas
- 3.50 zuwa 4.49: daraja ta biyu babba, 2:1, wadda ɗalibai suke kira tu-wan
- 2.40 zuwa 3.49: daraja ta biyu ƙarama, 2:2, tu-tu
- 1.50 zuwa 2.39: daraja ta uku, tad kilas
- 1.00 zuwa 1.49: fas, a inda ake bayar da shi

Iyakar tu-tu 2.40 ce, ba 2.50 ba, ko da yake akwai jami'o'in da suka sa tasu a 2.50, don haka a duba. Wani abin lura kuma: mai cin C a komai tun daga farko har ƙarshe yana da 3.00, tu-tu ke nan. Mai B a komai 4.00, tu-wan. Kafin a taɓa 3.50 sai rabin yunit ɗinka B rabi C, fes kilas kuwa sai rabi A rabi B, ba tare da tuntuɓe ba.

Digirin likitanci ba a raba shi haka. Ci ne ko faɗuwa, sai dai a rubuta wa mutum yabo na musamman a darasin da ya yi fice. Kada a tambayi sabon likita ko tu-wan ya fita da ita.

Ina aji huɗu da 3.20. Zan iya fita da tu-wan?

Wannan tambaya tana da amsa ta lissafi, ba sai an yi ta fata ba. Ka ninka CGPA ɗin da kake nema da jimillar yunit da za ka ƙare da su, ka cire foyin da ke hannunka, ka raba da yunit da suka rage.

A ce ka yi yunit 90 a shekara uku, saura 30, jimilla 120, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema a digirin shekara huɗu. A 3.20 kana da foyin 288. Tu-wan tana bukatar 420.

```
(420 - 288) / 30 = 4.40
```

Sai ka yi 4.40 a shekarar ƙarshe gaba ɗayanta, wato idan kwas goma ne masu nauyi ɗaya, huɗu A shida B, ba C ko ɗaya. Yana yiwuwa, na ga waɗanda suka yi, musamman da yake furojet yakan zo da yunit masu yawa. Amma mutumin da ya shekara uku yana 3.20 sai ya sauya zama sosai. Wanda yake kan 3.00 daidai sai ya ci A a komai. Wanda ya gaza 3.00 a wannan lissafi, ƙofar ta rufe ko da zai kwana a laburare. Haka mai neman fes kilas: yana bukatar 540, shekarar ƙarshe ba za ta ba shi fiye da 150 ba, don haka sai ya shigo da aƙalla 390, wato 4.33.

Dalilin shi ne CGPA kamar randa ce: kofi ɗaya yana sauya ruwanta tana sabon ɗebo, amma idan ta kusa cika ba ya nuna komai. A aji ɗaya bambancin harafi ɗaya a kwas guda yana iya motsa ka da kusan ɗigo ashirin, a aji huɗu da ƙyar ya yi uku. Ga shi kuwa aji ɗaya ne shekarar da ake ɓatarwa wajen neman ɗaki, koyon hanya da murnar an shigo jami'a.

Idan sashenku yana ɗaukar fiye da 120, ko kana da kari-oba, ka sa ainihin alkalumanka a wurin nawa. Suna nan a ƙasan takardar sakamako.

Ɗana ya ƙare da 3.49. Ba za a iya taimakawa a cika masa ba?

Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da wannan har gida, bayan la'asar. Muka gaisa, aka kawo ruwa, ya gyara zama ya ce, "Malam, ɗigo ɗaya fa. Ko a kasuwa ana yin gyara." Na ce, "Baba, wallahi da a hannuna yake da ban bari kun taso ba." Sai na nuna masa cewa abin da yake gani ɗigo ɗaya, a yunit 120 yaron yana da foyin 419 ne ana neman 420. Babu inda za a samo foyin ɗayan nan sai an koma wani kwas an sauya harafi, wato a canza makin da malami ya sa wa hannu, sashe ya zauna a kai, tsangaya ta wuce da shi, sanet ta amince. Wannan ba gyara ba ne, laifi ne da yake korar ma'aikaci, kuma ana iya janye digirin ko bayan shekaru.

Abin da doka ta yarda da shi biyu ne. Na ɗaya, a sake duba lissafi: ko an bar wani kwas, ko an sa yunit ba daidai ba, ko an ƙirga kari-oba sau uku maimakon biyu. Wannan yana faruwa, kuma ana gyarawa. Na biyu, neman a sake duba takardar jarrabawa, wanda yake da wa'adi da kuɗin da ake biya, kuma makin da ya fito shi ne zai zauna ko sama ya yi ko ƙasa. Ba a yin sa shekara biyu bayan jarrabawa.

Batun cike gurbi kuwa, irin 69.5 ta zama 70, ko 3.496 ta zama 3.50, yana bin abin da dokar makarantar ta rubuta da yadda aka saita manhajar sakamako: wasu suna cikewa zuwa lamba biyu bayan ɗigo, wasu yankewa suke yi. Amma 3.49 ba ta cikin wannan, ta riga ta tsaya.

'Yata tana foli, ta ce ta sami 3.50 kuma ita ce kan gaba. Yayanta a jami'a yana da 3.60 ana ce masa tu-wan. Wa ya fi?

Mudun ba ɗaya ba ne. Kwalejojin fasaha, irin su Hassan Usman a nan Katsina ko ta tarayya da ke Daura, suna ƙarƙashin NBTE, kuma ma'auninsu a 4.00 yake tsayawa. A tsarin hukumar, A daga 75 take farawa, tana ba da 4.00. Daga 70 zuwa 74 AB ce mai 3.50, sai B mai 3.25, BC mai 3.00, C mai 2.75, CD mai 2.50, D mai 2.25, har zuwa E ta 40 zuwa 44 mai 2.00. Ƙasa da 40 sifili.

Darajojin difloma kuma: 3.50 zuwa sama distinshan, 3.00 zuwa 3.49 ofa kiredit, 2.50 zuwa 2.99 lowa kiredit, 2.00 zuwa 2.49 fas. Don haka 3.50 ɗin 'yarka ita ce daraja mafi girma a wurinsu, 3.60 ɗin yayanta kuwa ɗan hawa ne sama da ƙofar tu-wan. Haka nan maki 72 A ce a jami'a, amma a foli ba ta kai ba.

Kada kuma a yi dabarar ninka na foli da biyar a raba da huɗu don a mai da shi na jami'a. Ba ya fitowa daidai, domin a foli mafi ƙarancin ci rabin ma'auni yake bayarwa, 2 cikin 4, a jami'a kuwa 1 cikin 5. Duk inda ake neman gurbi ko aiki, a rubuta lambar tare da ma'auninta, 3.50/4.00 ko 3.60/5.00.

Na zauna jarrabawa amma sakamako ya nuna ban zauna ba, ko ya fito babu komai.

Kada ka jira ya gyara kansa. Kwas ɗin da ka yi wa rajista ba ka zauna ba, ba tare da uzurin da aka amince da shi ba, F ake ɗaukarsa, yunit ɗinsa kuma su shiga lissafi. Manhaja ba ta san bambancin wanda bai zo ba da wanda takardarsa ta ɓata ba.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Ina shigar da maki cikin dare, lambobin rajista biyu suka zo a jere, bambancinsu lamba ɗaya a ƙarshe, na ba wa ɗaya makin ɗaya, na bar ɗayan fanko. Yarinyar da abin ya shafa ta zo cikin mako guda da katin jarrabawarta mai sa hannun mai sa ido. Muka ɗauko takardar halarta, ga sunanta da sa hannunta, muka buɗe ƙunshin takardun amsa, ga tata da 64 a kai da jan biro. Kafin sakamakon ya bar sashe aka gyara. Da ta bari sai ya wuce sanet, da sai an rubuta takarda ta bi duk matakan nan daga farko, abin da kan ci watanni. Ka adana katin jarrabawa da takardar rajistar kwas na kowane zango har ka karɓi shaidar kammalawa.

Irin wannan F ɗin tana kuma zuwa daga kwas ɗin da mutum ya yi wa rajista, ya daina shiga, bai cire shi a hukumance cikin wa'adin ƙari da ragi ba. Rashin lafiya kuma a kai rahotonta a rubuce da takardar asibiti a kan lokaci, ba bayan sakamako ya fito ba.

Yaushe ake sa mutum a furobeshan, yaushe ake sallama?

Idan CGPA ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin abin da ake ba da digiri da shi. Inda ake da digirin fas, 1.00 ne. Inda aka soke shi, iyakar takan koma 1.50. Furobeshan gargaɗi ne na wa'adi, idan wa'adin ya cika ba a haura ba sai a nemi ɗalibi ya bar kwas ɗin, wani wurin a ba shi damar komawa wani sashe. Akwai kuma iyakar zama: yawanci tsawon karatun da rabinsa, wato shekara shida ga digirin shekara huɗu.

CGPA ɗina ya kai, amma an ce ba zan kammala ba. Ta yaya?

Domin daraja da kammalawa sharuɗɗa ne daban. Kafin a duba jadawalin daraja sai ka ci duk kwasa-kwasan dole, har da na bai-ɗaya da ɗalibai suke rainawa, ka kuma tara adadin yunit da aka ci, ba waɗanda aka yi wa rajista kawai ba. A takardar sakamako za ka ga lambobi biyu, yunit da aka ɗauka da yunit da aka ci. Da na farko ake raba foyin, da na biyu ake yanke ko ka gama. Mai 4.60 da ya bar kwas ɗin dole mai yunit 2 tun aji ɗaya zai dawo ya zauna da 'yan aji ɗaya, abokansa suna sansanin bautar ƙasa.

Wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da NCE ko difloma, nasa adadin yakan zama 90, kuma CGPA ɗinsa daga aji biyun yake farawa. Sakamakon da ya shigo da shi gurbi ya sama masa, ba a haɗa shi cikin lissafin digiri. Shekara uku ke gare shi maimakon huɗu, don haka kowane kwas ya fi nauyi a kansa: F ɗaya mai yunit 3 a wurin da zai iya samun B tana rage masa kusan ɗigo 13 a ƙarshe, na shekara huɗu kuwa kusan 10.